Jadawalin wata-wata mai faɗi: na miƙar da shi tsaye, jimla ta ninka huɗu

Safiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan wani aiki da ya tsaya mini tun jiya. Ina riƙe da fayil ɗin Excel na adadin marasa lafiya da ƙananan asibitoci 14 suka duba, wata-wata, daga Janairu 2022 zuwa Disamba 2023. Kowane asibiti layinsa ɗaya. Ginshiƙi na farko `Lamba`, na biyu `Asibiti`, daga nan sai watanni a jere, `Jan-22`, `Feb-22`, har zuwa `Dec-23`. Shugabanmu yana son zane da zai nuna hawa da saukar adadin, kuma a iya zaɓar shekara ko asibiti. Aka ce mini sai na mayar da jadawalin dogo, wato kowane asibiti a kowane wata ya samu layinsa. Na yi `Unpivot` a Power Query, ya ba ni layi 381. Da na haɗa jimla sai na ga ta haura 190,000, alhali jimlar da ke ƙasan tsohon fayil 48,210 ce. Ina na kuskure?

Auwal: Wa alaikumus salam. Yaya Safiya, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ki kwafe jadawalin duka, ki je sabon shafi, `Paste Special`, ki danna `Transpose`. Nan take watannin za su koma tsaye.

Malam Bala: Auwal, abin da ka faɗa yana aiki, amma ba shi take nema ba. `Transpose` juya jadawalin kawai yake yi, watanni su koma layuka, asibitoci su koma ginshiƙai. Har yanzu mai faɗi ne, sai dai yanzu sunayen asibitoci ne suka maƙale a saman ginshiƙai maimakon watanni. Abin da take so ginshiƙai huɗu ne kacal: lamba, asibiti, wata, adadi. Ko da shekara goma aka ƙara, ginshiƙan huɗu ne, layuka ne ke ƙaruwa.

Malama Safiya, kafin a taɓa komai a yi lissafin baki. Asibiti 14 sau wata 24, layi 336 ya kamata ki samu. Kin samu 381, ke nan akwai abin da ya shigo wanda ba wata ba ne, ko ba asibiti ba. Akwai ginshiƙin jimla a cikin fayil ɗin?

Safiya: Akwai, Malam. `Jimla 2022` bayan `Dec-22`, da `Jimla 2023` a ƙarshe. Sannan akwai layin jimla a can ƙasa.

Malam Bala: To ga ninki huɗunki nan. Power Query bai san bambancin `Dec-22` da `Jimla 2022` ba, duk ginshiƙai ne a wurinsa, sai ya ɗauki jimlar shekara a matsayin wata na goma sha uku. Wannan ya ninka lissafin sau biyu. Layin jimla na ƙasa kuma ya shigo kamar asibiti na goma sha biyar, ya sake ninkawa. Biyu sau biyu huɗu, 48,210 sau huɗu 192,840, daidai da inda lissafinki ya faɗa.

Ki cire layin jimla tun kafin `Unpivot`, ta hanyar tace ginshiƙin `Asibiti`. Ginshiƙan jimla kuma na fi so a cire su bayan `Unpivot`: a ginshiƙin `Attribute` ki shiga `Text Filters`, ki zaɓi `Does Not Begin With`, ki rubuta Jimla. Dalilina shi ne idan kika goge su da hannu tun farko, matakin zai riƙe sunayensu biyun nan kaɗai, ranar da aka ƙara `Jimla 2024` zai wuce ba wanda ya tare shi. Tacewa kuwa za ta kama duk abin da ya fara da wannan kalmar.

Amma ki lura da wani abu. Layi 15 sau ginshiƙi 26 ya zama 390, ba 381 ba. Tara sun ɓata. Ki yi gyaran, ki gaya mana nawa ya rage.

Safiya: Na yi. Layi 327 yanzu. Taran da ka ce ne suka hana shi kai wa 336. Ina suka tafi?

Malam Bala: Guraben da aka bari babu komai ne a tsohon fayil. `Unpivot` na Power Query ba ya yi wa gurbin da ke `null` layi, yana tsallake shi ne shiru, ba gargaɗi ba komai. Wannan ne ya sa nake ƙirga layuka kafin na kalli jimla, domin jimla ba za ta taɓa nuna miki wannan ɓatan ba.

Nura: Wannan ai mai sauƙi ne. Kafin `Unpivot` ki zaɓi ginshiƙan watanni, `Replace Values`, ki mayar da `null` zuwa 0. Layuka 336 za su fito cif, jimla kuma ba za ta motsa ba. Haka nake yi kullum.

Hajiya Binta: Nura, ɗana, layukan za su cika kam, jimla ma ba za ta motsa ba, amma ka saka wa fayil ɗin maganar da babu wanda ya faɗa. Na daɗe ina karɓar irin waɗannan rahotanni. Gurbin da babu komai yana iya nufin rahoto bai iso ba, yana iya nufin asibitin bai fara aiki ba, yana iya nufin mai shigar da lamba ya tsallake. Sifili kuwa cewa yake an buɗe, an zauna wata guda cur, ba mutum ɗaya da ya zo. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne.

Safiya, 'yata, duba mana taran nan, na waɗanne asibitoci ne?

Safiya: Uku na asibiti ɗaya ne, Janairu zuwa Maris 2022, don sai a Afrilu aka buɗe shi. Sauran shidan a warwatse suke, nan ɗaya can ɗaya. Ina jin rahotonsu ne bai zo ba.

Hajiya Binta: Madalla. Ɗauki wancan da aka buɗe a Afrilu. Nawa ya duba a 2022?

Safiya: 1,350.

Hajiya Binta: A wata tara ke nan, matsakaicinsa 150 a wata. Idan aka cusa masa sifili uku aka raba da 12, ya koma 112.5. `AVERAGE` yana tsallake gurbin da babu komai, amma yana ƙirga sifili. Kun ga an zaftare wa asibitin kashi ɗaya cikin huɗu na aikinsa a kan takarda, kuma da irin wannan lissafin ake duba inda za a tura ma'aikata. A zane ma shidan nan za su fito kamar aiki ya tsaya cak a watan, layin ya faɗo ƙasa ya sake tashi, a zo ana tambayar mutane abin da bai faru ba.

Nura: Na yarda da wannan, Hajiya. Nawa lissafin na kayan da suka fita daga ɗakin ajiya ne, a can in babu komai to da gaske ba a fitar da komai ba, shi ya sa sifili yake yi mini daidai. Amma in haka ne ai sai ta bar 327 ɗin kawai. Layin da babu adadi me zai ƙara mata?

Malam Bala: Yana ƙara abu ɗaya: za ta iya ƙirga rahotannin da ba su zo ba. Idan layin ya ɓata gaba ɗaya, wanda ya karɓi fayil ɗin bayanta ba zai san an taɓa tsammanin rahoto a wannan watan ba. Ni dai ina barinsu. Dabarar ita ce a saka wata kalma ta wucin gadi kafin `Unpivot`, bayan an gama a mayar da ita `null`. Kuma kada a yi ta hanyar zaɓar ginshiƙai da hannu, saboda matakin zai rubuta sunayen watanni 24 ɗin a cikinsa, sabon wata ba zai shiga ba. A rubuta shi haka a wurin fomula:

```
= Table.ReplaceValue(Source, null, "BABU", Replacer.ReplaceValue, Table.ColumnNames(Source))
```

A wurin `Source` ki sa sunan matakin da ya gabata. Daga nan ki zaɓi `Lamba` da `Asibiti`, ki danna `Unpivot Other Columns`. Ma'anarsa ki faɗa masa waɗanda za su tsaya, duk sauran su narke. Idan kika yi amfani da `Unpivot Only Selected Columns`, `Jan-24` zai zo ya tsaya a gefe a matsayin ginshiƙi, ba zai shiga cikin watanni ba.

Nura: Har yanzu ban gamsu da ukun farko ba. Asibitin da babu shi a Janairu 2022, me ya sa za a ba shi layi? In an ƙirga rahotannin da suka makara sai a ce tara, alhali shida ne.

Hajiya Binta: A nan kana da gaskiya. Ni da zan yi, zan ƙara ginshiƙi na biyar in kira shi bayani, in rubuta ko ba a buɗe ba, ko rahoto bai zo ba. Sai kowa ya tace abin da yake so.

Malam Bala: Ni kuma zan ajiye ranar buɗe kowane asibiti a wani ƙaramin jadawali daban, in haɗa su ta `Lamba`. Rubuta bayani da hannu a jadawalin da Power Query ya fitar yana da haɗari, da an danna `Refresh` layuka suka sauya wuri, bayanin yana iya komawa gefen wani asibitin.

Hajiya Binta: Na ji, Malam, amma ba kowane ofis ne ke da mai iya haɗa jadawali biyu ba. A bar wa Safiya ta ga wanda za ta iya riƙewa.

Safiya: Na gode ƙwarai. Na bi matakan, layi 336 sun fito. Sai dai sabuwar matsala: da na mayar da ginshiƙin adadi zuwa `Whole Number`, layi huɗu sun nuna `Error`. Kuma tun jiya na lura `PivotTable` yana ba ni `Count of Value` da kansa, sai na canza zuwa `Sum` da hannu.

Malam Bala: Duka biyun alama ɗaya ce: akwai rubutu a cikin lambobi. Ki danna `Keep Rows`, `Keep Errors`, ki ga layuka huɗun, sannan ki koma tsohon fayil ki duba me aka rubuta a gurabensu. Ki kuma gwada waɗannan biyun a kan guraben watanni kaɗai, ban da na jimla: `COUNTA` yana ƙirga duk gurbin da ke da wani abu, `COUNT` yana ƙirga lambobi zalla. Bambancinsu shi ne yawan rubutun da ya ɓuya.

Safiya: Karan ɗori ne, `-`, a gurabe huɗun. `COUNTA` ya ba ni 327, `COUNT` ya ba ni 322. Bambancin biyar ne ba huɗu ba. Kuma ga abin da ya fi ɗaure mini kai: jimlata yanzu 48,422, ta fi ta tsohon fayil da 212.

Malam Bala: Kin riga kin samo shi, saura ki gan shi da ido. Na biyar ɗin lamba ce da aka shigar a matsayin rubutu, kuma ina kyautata zaton 212 ce. `SUM` na Excel yana tsallake irin wannan ba tare da ya ce komai ba, Power Query kuma da kika ce `Whole Number` ya karanta ta a matsayin lamba. Ki nemi 212 a tsohon fayil. Galibi za ki gan ta ta jingina hagu a gurbinta alhali sauran suna dama, wani lokaci da ɗan koren tabo a kusurwa. `ISTEXT` zai tabbatar miki.

Safiya: Na gan ta. Agusta 2023, asibiti na tara, tana hagu. Innalillahi, ke nan jimlar 2023 da muka miƙa a rahoton ƙarshen shekara ta gaza da mutum 212.

Hajiya Binta: Haka ne, kuma ki faɗa wa shugabanku yau, ki nuna masa gurbin. Gara ya ji daga bakinki da ya ga sabon zane ya saɓa wa tsohon rahoto ya ɗauka sabon aikinki ne ya lalace. Batun karan ɗori kuma kada ki yanke hukunci da kanki. Na ga mai rubuta shi yana nufin sifili, na ga mai nufin ba a kawo ba. Ki tambayi wanda ya shigar da lambobin.

Isiya: Ku yi haƙuri in shigo da nawa, ya ɗan yi kama. Nawa fayil ɗin kanunsa hawa biyu ne. A layin sama an haɗe gurabe 12 an rubuta 2022, an haɗe wasu 12 an rubuta 2023, a layi na biyu kuma `Jan`, `Feb` haka. Da na shigar da shi sai shekarar ta bayyana sau ɗaya, watannin shekara ta biyu kuma suka rikice da na farko. Akwai mafita ko sai na sake rubuta kanun da hannu?

Malam Bala: Akwai, kuma a nan ne shawarar Auwal take da amfani. Gurabe da aka haɗe, na farko kaɗai ke riƙe da rubutun, sauran 11 fanko ne. Ka shigar da jadawalin ba tare da ka ce yana da kanu ba, wato ka cire alamar `My table has headers`. A cikin Power Query ka yi `Transpose`, shekaru su koma ginshiƙi na farko, watanni na biyu. Ka yi `Fill Down` a ginshiƙin shekara don ta cike guraben da ke ƙasanta. Ka haɗa ginshiƙan biyu da `Merge Columns`, ka sake `Transpose`, sannan `Use First Row as Headers`. Yanzu kanunka hawa ɗaya ne, sai ka ci gaba kamar na Malama Safiya. Ka yi wannan a kan kwafi, kada ka taɓa fayil na asali.

Auwal: Na gane bambancin yanzu, Malam. Allah ya ƙara ilimi.

Zulai: Ni da R nake aiki, bari in faɗi yadda abin yake a can don masu amfani da shi. Wannan tsarin na kowane ma'auni da ginshiƙinsa, kowane abin da aka auna da layinsa, Hadley Wickham ne ya yi masa cikakken bayani a 2014, kuma `tidyr` nasa a kansa aka gina shi. Bayan an cire jimloli, an kuma mayar da gurbin 212 ɗin nan lamba, aikin ke nan:

```r
d <- readxl::read_excel("asibitoci.xlsx", na = c("", "-"))
dogo <- tidyr::pivot_longer(d, cols = -c(Lamba, Asibiti),
                            names_to = "wata", values_to = "adadi")
```

`pivot_longer` ba ya zubar da guraben da babu komai sai an ce masa `values_drop_na = TRUE`, don haka 336 za su fito tun farko. `melt` na pandas ma yana barinsu. Abin da nake so da shi kuma, in wani ginshiƙi rubutu ne sauran lambobi, tsayawa yake ya ce `Can't combine`, ba ya haɗa su shiru.

Hajiya Binta: Zulai, ƙanwata, amma dubi layinki na farko. Kin riga kin yanke cewa karan ɗori yana nufin babu rahoto, tun kafin a tambayi kowa.

Zulai: Gaskiya ne, Hajiya. Idan amsar ta zo cewa sifili ne, dole a cire shi daga `na`, a sauya shi daban. Na yi gaggawa a nan.

Safiya: Saura abu ɗaya. A zanen da na gwada, watannin sun jeru Apr, Aug, Dec, Feb. Na san jerin haruffa yake bi. In mayar da ginshiƙin zuwa `Date` kawai?

Nura: Ki yi hattara da wannan, ya taɓa cizona a Excel. `Jan-22` yana iya karantuwa a matsayin 22 ga Janairu na shekarar da muke ciki, ba Janairu 2022 ba. Nawa duk shekarun biyu sun dunƙule a shekara ɗaya, wasu ranar 22 wasu ranar 23, kuma babu `Error` ko ɗaya da zai ankarar da ni.

Malam Bala: Nura ya faɗi daidai. Kanun jadawali a Excel rubutu ne ko da a da kwanan wata ne, don haka kada ki bar na'ura ta yi hasashe. Ki ƙara `Custom Column`, ki liƙa ranar 1 a gaba, ki faɗa masa tsarin da kanki:

```
Date.FromText("01-" & [Attribute], [Format="dd-MMM-yy", Culture="en-US"])
```

`Culture` ɗin yana da amfani saboda sunayen watannin da Turanci aka gajarta su, kuma ba lallai kwamfutar wanda zai buɗe fayil ɗin ta kasance da saiti irin naki ba. Idan wani ya rubuta `Sept-22` a maimakon `Sep-22`, wannan layin zai ba da `Error`, kuma haka ake so, don a gani a gyara. Bayan kin gama ki duba ƙarami da babba: ƙarami 1 ga Janairu 2022, babba 1 ga Disamba 2023, ranaku daban-daban guda 24, kowace ta bayyana sau 14. Daga wannan ginshiƙin ne za ki ciro shekara don zaɓin da shugabanku yake so.

Isiya: Tambaya ta gefe. Tunda dogon ne mai kyau, me zai hana a ce wa masu shigar da lambobi su riƙa rubutawa a dogo tun farko, a huta?

Zulai: Ni haka nake so. Duk matsalolin yau daga mai faɗin suka fito, jimla a tsakiyar watanni, kanun da ba kwanan wata ba.

Hajiya Binta: Ban yarda ba. Mai shigar da lamba yana bukatar ya ga watan jiya a gefen na yau. In asibiti yana duba 150 kullum ya ga ya rubuta 1,500, idonsa zai kama nan take. A layi 336 ba zai gani ba, kuma sai ya riƙa maimaita sunan asibiti kowane wata, yau da babban harafi gobe da ƙarami, asibiti ɗaya ya zama biyu. A bar musu mai faɗi, a hana su haɗe gurabe, a sa `Data Validation` ya karɓi lamba kawai.

Zulai: Sunan ai ana iya zaɓarsa daga jeri, ba sai an rubuta ba. Amma batun ganin watan jiya, ba ni da amsarsa a yanzu.

Safiya: Ga inda na tsaya. Layi 336, kwanan wata 24, kowanne sau 14, jimla 48,422. Shugabanmu ya ga gurbin Agusta, ya ce a aika da gyara. Wanda ya shigar da lambobin ya amsa waya: karan ɗori biyu sifili ne, lokacin an rufe asibitin ana gyaran gini, sauran biyun ya ce sai ya duba takardun asali. Na bar su `null` har ya dawo mini.

Hajiya Binta: Waɗancan biyun na lokacin gyara ma ki dakata kafin ki sa sifili. An rufe ne, ba wai an buɗe ba a zo ba. Ki tambayi shugabanku ko yana so su shiga matsakaici.

Nura: Ni sifili zan sa a waɗannan, Hajiya. Asibitin yana nan a lissafi, kuma da gaske ba a duba kowa ba a watan.

Safiya: Zan kai masa duka ra'ayoyin gobe in sha Allah. Malam Bala, jadawalin ranar buɗewa da ka ce, ta `Merge Queries` ake haɗa shi?

Malam Bala: E, ta `Lamba`, ki bar shi a `Left Outer`. Bayan haɗawa ki sake ƙirga layuka. In sun haura 336, wata lamba ta maimaitu a ƙaramin jadawalin.